Harafi Ɗaya a Cikin Jini: Yadda Saƙon Gado Ke Zama Furotin

A kowace daƙiƙa ɓargon babban mutum yana fitar da sabbin jajayen ƙwayoyin jini kimanin miliyan 2. Kowace ɗaya cike take maƙil da himogulobin, wato furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya rarraba ta a sassan jiki, kuma shi ne ya ba jini launin ja. A ƙwayar jini guda ana samun himogulobin wajen miliyan 270. Abinci ba ya kawo shi a shirye. Nama da wake da ƙwai da mutum ya ci narkewa suke yi a ciki, su koma ƙananan guntaye da ake kira amino asid, sannan jiki ya sake jera guntayen nan bisa nasa tsarin. Iri 20 ne na amino asid ake gina furotin da su, kuma abin da ya raba wani furotin da wani shi ne wanne ya zo farko, wanne ya biyo, har zuwa ƙarshen jerin.

To, a ina jiki ya san jerin? A rubuce yake cikin DNA, kuma matakai biyu ake bi kafin rubutun ya zama furotin. Na farko kwafi ne, wanda littattafan makaranta ke kira tiranskirifshan. Na biyu fassara ce, wato tiransileshan. Za mu bi matakan nan da misali guda tun daga farko har ƙarshe: ƙwayar gadon da ke samar da beta-gulobin, ɗaya daga cikin sassa biyu na himogulobin. Ita ce ƙwayar gadon da canjin harafi ɗaya a cikinta ke haddasa cutar sikila, wadda da wuya a sami unguwa a ƙasar Hausa da ba a san ta ba.

Inda rubutun yake

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ɗakunan halitta da ake kira sel. A tsakiyar kusan kowane sel akwai cibiya mai nata tantanin, kuma a cikinta DNA yake, a naɗe cikin ƙunshi 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. DNA zare ne mai igiya biyu da suka murɗe da juna. Kowace igiya jerin sinadarai ce iri huɗu da ake yi wa laƙabi da haruffan A, T, G da C. Igiyoyin biyu suna riƙe da juna bisa doka ɗaya da ba ta canzawa: A tana fuskantar T, G tana fuskantar C. Saboda haka wanda ya san jerin igiya ɗaya ya san na ɗayar. Wannan doka ita ce ginshiƙin duk abin da zai biyo baya.

Ƙwayar gado yanki ne na zaren da ke ɗauke da umarnin wani abu guda. Mutum yana da kimanin 20,000 masu umarnin furotin. Ta beta-gulobin, wadda masana ke rubuta sunanta HBB, tana kan kuromosom na 11, kuma tsawonta haruffa kusan 1,600 ne. Kowa yana da ita biyu, ɗaya daga kowane mahaifi.

DNA ba ya fita daga cibiya, alhali wurin haɗa furotin a wajen cibiyar yake. Dole ke nan a sami abin da zai kai saƙo. Abin ya yi kama da kundin malami da ba a yarda a fita da shi daga ɗaki ba: ana kwafo darasin ranar a kan allo, a fita da allon a yi karatu, in an gama a wanke, kundin kuwa yana nan yadda yake. Allon a nan shi ne mRNA, wato RNA ɗan saƙo. A 1961 ne Sydney Brenner da François Jacob da Matthew Meselson suka nuna samuwarsa ta hanyar gwaji da ƙwayoyin bakteriya. RNA ɗan'uwan DNA ne, sai dai igiya ɗaya gare shi, bai kai DNA daɗewa ba, kuma inda DNA ke da T shi U yake sakawa.

Mataki na farko: kwafi

Ƙwayar gadon HBB tana cikin sel na fata da na hanta da na ido, amma babu ɗayansu da ke yin himogulobin. A can a rufe take. Sel ɗin da ke cikin ɓargo, waɗanda za su zama jajayen ƙwayoyin jini, su kaɗai ke buɗe ta. Gab da farkon ƙwayar gadon akwai wani ɗan yanki da ake kira furomota, wanda ba ya cikin umarnin furotin, aikinsa nuna inda za a fara. Wasu furotin na musamman da ke cikin sel ɗin ɓargo suna zuwa su zauna a kan furomotar da wasu wurare na kusa da ita, zamansu ne ke jawo mai kwafin, wani babban sinadarin aiki da ake kira RNA folimares.

Da folimares ya sami wurin zama, sai ya ware igiyoyin DNA biyu a ɗan taƙaitaccen wuri, haruffa goma sha wani abu. Igiya ɗaya kawai yake karantawa. Duk harafin da ya tarar, sai ya ɗauko abokinsa daga cikin haruffan RNA da ke yawo a cibiya ya liƙa a ƙarshen sabon zaren. In ya ga C ya sa G, in ya ga G ya sa C, in ya ga T ya sa A, in ya ga A ya sa U. Yana gaba DNA yana sake rufewa a bayansa, sabon zaren RNA kuma yana zarowa ta gefe. Ga farkon umarnin beta-gulobin, yadda yake a igiyar da ake karantawa da yadda yake fitowa:

```
DNA    TAC CAC GTA GAC TGA GGA CTC CTC TTC
mRNA   AUG GUG CAU CUG ACU CCU GAG GAG AAG
```

Ba a canza komai a DNA ba. Ana iya kwafar ƙwayar gado ɗaya sau dubbai, kuma a sel ɗin ɓargo haka ake yi, har saƙon gulobin ya rinjayi duk sauran saƙonnin da ke cikinsa.

Gyara kafin fita

Abin da folimares ya fitar ɗanyen kwafi ne, bai isa a karanta ba tukuna. Gyara uku ake yi masa a cikin cibiya. Ana ɗaura masa hula a kai, wato wani harafin G da aka sauya wa siffa, wanda ke kare shi daga lalacewa kuma ya zama alamar inda mai karatu zai kama. A ƙarshensa, bayan alamar AAUAAA, ana yanke shi a liƙa masa jela ta haruffan A zalla kimanin 200, wadda ke ƙara masa kwana.

Gyara na uku shi ne ya ba masana mamaki sa'ad da Richard Roberts da Phillip Sharp, kowa da tawagarsa, suka gano shi a 1977. Umarnin furotin ba a jere yake tiryan-tiryan a cikin ƙwayar gado ba. Akwai yankunan da ke tsakiya waɗanda ba a fassara su, ana kiran su intiron, su kuwa yankunan da ake riƙewa ekson. HBB tana da ekson 3 da intiron 2, na farko haruffa 130, na biyu 850. Kusan kowane intiron yana farawa da GU ya ƙare da AG, kuma da waɗannan alamomi, haɗe da wasu na kusa da su, wani gungun furotin da RNA ke gane inda zai yanke da inda zai haɗe. In an cire intiron biyun, haruffa 1,600 sun koma kimanin 630. Wannan ne cikakken mRNA, kuma shi ke fita ta ƙofofin tantanin cibiya.

Yankan nan ba ya son kuskuren ko da harafi ɗaya. Dalilin zai fito fili da zarar mun ga yadda ake karanta saƙon.

Ƙa'idar uku-uku

Haruffa huɗu ne, amino asid kuwa 20. Da harafi ɗaya ke nufin amino asid ɗaya, huɗu kawai za a samu. Da biyu-biyu ne, 16, bai kai ba. Uku-uku yana ba da 64, ya isa har da ragi. Haka kuwa abin yake: ana karanta mRNA haruffa uku-uku, kowane ukun ana kiransa kodon. Marshall Nirenberg da Heinrich Matthaei ne suka fara warware kodon ɗaya a 1961 a Amurka. Sun ɗauki RNA na U zalla suka zuba cikin ruwan da aka tatso daga bakteriya, sai ga sarƙa ta amino asid iri ɗaya tak, fenilalanin. Aka gane UUU shi take nufi. Zuwa 1966 an gama warware duka 64.

Daga cikinsu 61 suna nufin amino asid, 3 kuwa, UAA da UAG da UGA, alamar tsayawa ce. AUG ita ce alamar farawa, kuma tana nufin metiyonin. Tunda kodon sun fi amino asid yawa, yawancin amino asid suna da kodon fiye da ɗaya. GAG da GAA duka gulutamik asid ne. CAU da CAC duka histidin ne. A kodon na uku na saƙon da muka rubuta a sama, wasu mutane CAU gare su, wasu CAC, kuma babu wani bambanci a jininsu. Ba kowane canjin harafi ne ke zama cuta ba.

Babu tazara ko waƙafi tsakanin kodon da kodon. Tazarar da muka bari a rubutunmu don sauƙin ido ce kawai. Mai karatu yana farawa daga AUG ya riƙa ƙirga uku-uku, shi ke nan. In harafi ɗaya ya faɗi ko ya ƙaru a tsakiya, duk kodon da ke bayansa sun goce, ma'anarsu ta zama wata dabam.

Masu ɗauko kaya: tRNA

Amino asid ba ya gane kodon, babu wata dangantaka ta siffa tsakaninsu. Francis Crick ya yi hasashe a tsakiyar shekarun 1950 cewa dole akwai wani abu a tsakani mai baki biyu, ɗaya na kama kodon, ɗaya na riƙe amino asid. Abin ya tabbata, shi ne tRNA. Gajeren zare ne, haruffa 76 zuwa 90, wanda ya naɗe kansa ya yi lanƙwasa. A ƙarshensa ɗaya akwai haruffa uku da ake kira antikodon, masu dacewa da kodon bisa dokar nan ta abokan haruffa. A ɗaya ƙarshen ake rataya amino asid. Kodon GAG tana karɓar tRNA mai CUC a fuskarta, wanda ke ɗauke da gulutamik asid. GUG tana karɓar mai CAC, wanda ke ɗauke da balin.

Wa ke rataya wa kowane tRNA kayan da ya dace da shi? Wasu sinadaran aiki ne da ake kira sintetes, kowane amino asid da nasa. Kowannensu yana gane amino asid ɗinsa, yana kuma gane tRNA ɗin da ya dace da shi, sai ya haɗa su. Wasu daga cikinsu ma suna sake dubawa, in sun rataya wanda ba shi ba su cire. A gaskiya a nan ne fassarar take aukuwa, domin daga baya babu mai sake duba kayan da tRNA ya ɗauko. An gwada wannan a 1962: aka sauya amino asid ɗin da ke kan wani tRNA da hannu, sai aka ga an saka shi a sarƙa a gurbin na asalin ba tare da wata tangarɗa ba.

Ribosom: inda ake ƙulla sarƙa

Ribosom dunƙule ne na RNA da furotin, mai ɓangare biyu, ƙarami da babba. Ƙaramin ne ke riƙe mRNA ya tabbatar kodon da antikodon sun dace. Babban ne ke ƙulla amino asid da ɗan'uwansa. A tsakaninsu akwai gurbi uku da tRNA ke zama, masana suna kiran su A da P da E: na shiga, na riƙe sarƙa, da na fita.

Ga yadda ake farawa. Ƙaramin ɓangaren, ɗauke da tRNA na metiyonin, yana kama hular da ke kan mRNA, ya riƙa zamewa a kan zaren yana neman AUG. A saƙon beta-gulobin sai ya wuce haruffa 50 kafin ya same ta. Nan zai tsaya, babban ɓangaren ya sauko ya rufe, tRNA na metiyonin yana gurbin P, gurbin A kuwa a buɗe a kan kodon ta biyu, GUG.

Daga nan abu uku ne ke ta maimaituwa. Da farko tRNA iri-iri suna ta faɗowa gurbin A, wanda antikodon ɗinsa bai dace ba ya zame ya fita, har mai CAC ya zo da balin ya zauna daram. Na biyu, ribosom ya cire metiyonin daga kan tRNA na gurbin P ya ƙulla shi da balin. Binciken siffar ribosom da aka kammala a 2000 ya nuna cewa RNA ɗin da ke cikinsa ne ke yin wannan ƙulli, ba furotin ba, kuma aikin gano siffar ne ya ba Venkatraman Ramakrishnan da Thomas Steitz da Ada Yonath kyautar Nobel a 2009. Na uku, ribosom ya matsa gaba da haruffa uku cif. tRNA ɗin da ya sauke kaya ya koma gurbin E ya fita, mai riƙe da sarƙa ya koma P, gurbin A ya buɗe a kan CAU. Sai histidin ya shigo, sai lusin, haka har ƙarshe:

```
mRNA   AUG GUG CAU CUG ACU CCU GAG GAG AAG ... CAC UAA
       Met Val His Leu Thr Pro Glu Glu Lys ... His
```

Bayan kodon 147 sai a iso UAA. Babu tRNA mai dacewa da ita. Wani furotin ne ke shiga gurbin A a madadinsa ya tsinke sarƙar, ɓangarorin ribosom su rabu su tafi neman wani saƙon. Ribosom na ƙulla amino asid 'yan ƙalilan a kowace daƙiƙa, don haka sarƙar beta-gulobin ba ta wuce minti guda ko ƙasa da haka. Kuma ba a jiran ɗaya ya gama kafin wani ya hau. A saƙon gulobin guda akan sami ribosom wajen 5 a jere, kowa da tasa sarƙar. Kuskure yana faruwa, kamar sau ɗaya a amino asid dubu zuwa dubu goma, amma ba ya yin illa sosai, domin sarƙa ɗaya ce ta lalace cikin miliyoyi, kuma ba a gadar da ita.

Tun sarƙar tana fitowa ake gutsure metiyonin na farko, saura 146. Shi ya sa likitoci ke ƙirga balin a matsayin na 1, gulutamik asid na farko kuma ya zama na 6 ko da yake kodon ɗinsa ce ta bakwai. Sarƙar sai ta naɗe kanta, ta rungumi wani sinadari mai ƙarfe a tsakiya da ake kira him, wanda shi ne ke kama oksijin. Beta biyu su haɗu da alfa biyu, waɗanda aka kwafo daga kuromosom na 16, himogulobin ya cika. Kafin ƙwayar jini ta bar ɓargo takan yar da cibiyarta gaba ɗaya, kwafi ya tsaya. Saƙonnin da suka rage ana ci gaba da fassara su kwana ɗaya ko biyu, sannan su da ribosom duka su ƙare. Da himogulobin ɗin da ta tara za ta yi kwanakinta kimanin 120.

Bakteriya ma da wannan tsari suke rayuwa, sai dai folimares ɗinsu da ribosom ɗinsu sun bambanta da namu a siffa. Wannan bambanci ne magunguna da yawa ke amfani da shi. Rifamfisin na maganin tarin tibi yana toshe folimares ɗin bakteriya, kwafi ya tsaya. Tetirasaikilin yana hana tRNA zama a gurbin A. Kuloramfenikol yana hana ƙullin sarƙa. Ƙwayoyin bairos kuwa ba su da ribosom nasu, da namu suke aiki, shi ya sa waɗannan magunguna ba sa yi wa mura komai.

In harafi ɗaya ya canza

A mai ɗauke da sikila, harafin tsakiya na kodon ɗin amino asid na 6 ya canza tun a DNA. Folimares yana kwafe abin da ya gani, GAG ta fito GUG. Ribosom yana karɓar tRNA mai CAC, domin shi ne ya dace, balin ya zauna inda gulutamik asid ya kamata ya zauna. Sauran 145 duk daidai suke. Vernon Ingram ne ya gano wannan bambanci na amino asid ɗaya a Cambridge tsakanin 1956 da 1957, bayan Linus Pauling da abokan aikinsa sun nuna a 1949 cewa himogulobin ɗin masu sikila dabam yake.

A lura da abu ɗaya: babu matakin da ya yi kuskure. Kwafi ya tafi daidai, gyara ya tafi daidai, fassara ta tafi daidai. Tsarin ba ya auna ma'ana, abin da aka rubuta shi yake fitarwa.

Gulutamik asid yana jituwa da ruwa, kuma a bayan himogulobin yake, inda ruwa ke taɓa shi. Balin kuwa gudun ruwa yake yi. Idan himogulobin ya sauke oksijin ɗinsa, siffarsa takan ɗan sauya, wani ɗan rami mai gudun ruwa ya bayyana a jikinsa, sai balin ɗin maƙwabcinsa ya faɗa ciki ya maƙale. Ɗaya ya kama ɗaya har su zama dogayen sanduna masu tauri a cikin ƙwayar jini, su lanƙwasa ta kamar lauje. Irin waɗannan ƙwayoyi suna toshe ƙananan hanyoyin jini, abin da ke kawo ciwon ƙashi mai tsanani, kuma suna mutuwa cikin kwana 10 zuwa 20, abin da ke kawo ƙarancin jini da rawayar ido. Zazzaɓi da ƙarancin ruwa a jiki da sanyi suna ƙara saurin maƙalewar, shi ya sa iyaye ke fargabar hunturu da lokacin cizon sauro. Mai AS yana kwafar ƙwayoyin gadonsa biyu duka, amma fiye da rabin himogulobin ɗinsa lafiyayye ne, kuma hakan ya isa ya hana sandunan haɗuwa a yawancin yanayi.

A wannan kodon dai akwai wani canjin, GAG ta zama AAG, laisin ya maye gurbin gulutamik asid. Wannan ne himogulobin C, wanda ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso, ana kuma samunsa a Nijeriya da Nijar. Shi kaɗai bai kai S illa ba, amma wanda ya gaji S da C yana da nau'in cutar sikila.

Akwai kuma canje-canjen da ke lalata matakan kansu, su ne ke haddasa cutar da ake kira beta-talasemiya. A tsibirin Sardiniya na Italiya an fi samun wanda ke mayar da kodon ta 39 daga CAG zuwa UAG, ribosom ya tsaya tun bai kai sulusin hanya ba. A Saifurus da Girka an fi samun wanda ke ƙirƙiro AG ta ƙarya a cikin intiron na farko, a yanke a inda ba nan ba, karatun uku-uku ya goce. A tsakanin mutanen da asalinsu Afirka ta Yamma ne akan sami canji a furomota, folimares ya riƙa zama da ƙyar, kwafin ya yi kaɗan. A sikila ana yin furotin da yawa amma gurɓatacce. A talasemiya ana yin kaɗan ne ko ba a yi sam.

Abin da gwaji ke gani, da abin da magani ke taɓawa

Gwajin jinotayif da aka saba yi a asibitocinmu ba DNA yake dubawa ba, furotin yake dubawa. Gulutamik asid yana ɗauke da cajin lantarki, balin ba shi da shi, laisin kuwa nasa cajin kishiyar na gulutamik ne. In aka ɗiga jini a kan takarda ta musamman aka saki lantarki, himogulobin A ya fi nisa, S ya biyo baya, C ya tsaya kusa. Layi ɗaya a wurin A shi ne AA, layi biyu AS ko AC ko SC. Gwajin yana da iyaka. Wanda aka ƙara wa jini cikin watanni uku da suka wuce, jinin wani ne zai gauraya da nasa a sakamakon. Mai ɗauke da talasemiya yana iya fitowa AA, alhali in ya auri mai AS suna iya haifar ɗa mai nau'in sikila. Gwajin da ke nuna lanƙwasar ƙwayoyi kawai kuwa ba ya raba AS da SS.

Jariri mai SS yakan yi watannin farko lafiya lau. Dalili shi ne a cikin ciki wata ƙwayar gado ce dabam ake kwafa, ta gama-gulobin, wadda ke ba da himogulobin F, shi kuwa ba ya shiga sandunan nan. Bayan haihuwa wani furotin mai suna BCL11A yana taimakawa a rufe ta, a koma kan beta, kuma daga wajen wata shida alamun cutar ke soma fitowa. Maganin haidiroksiyuriya yana sa jiki ya ƙara yin himogulobin F. Maganin Casgevy, wanda Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, yana raunana BCL11A a sel ɗin ɓargon majiyyaci don a sake buɗe gama-gulobin. Ko shi bai gyara harafin ba, ya dai sauya wadda ake kwafa, kuma tsadarsa ta fi ƙarfin kusan kowa.

Wannan ya nuna abin da ba zai yiwu ba. Babu abinci ko jiƙo ko maganin ƙarin jini da zai mayar da SS ta zama AS, domin duk amino asid ɗin da aka ci, ribosom bisa saƙon da aka ba shi zai jera su, saƙon kuma daga DNA yake. Abinci mai kyau da ruwa da rigakafi da maganin asibiti suna rage wahala ƙwarai, amma rubutun yana nan. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 24 cikin 100 na 'yan Nijeriya suna ɗauke da ƙwayar gadon, kuma ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da cutar duk shekara. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, kuma cikin da ya gabata ba ya rage wa na gaba komai. Saboda haka mai niyyar aure ya yi gwaji a ɗakin gwajin da aka amince da shi, tun kafin magana ta yi nisa, in kuma sakamakon ya zo da shakka ya sake a wani wurin.